Ina Ƙugiyar Haruffanmu Take Zuwa Idan Takarda Ta Koma PDF?

Wata Laraba bayan sallar isha'i ƙanwata ta shigo ɗakina riƙe da waya, idanunta sun yi ja. Tana ajin ƙarshe a sashen Hausa, kuma a ranar ta tura wa malamin da ke duba aikinta kundin digirinta, shafi ɗari da 'yan kai, wanda ta shafe watanni tana bugawa. Malamin ya dawo mata da saƙo na layi ɗaya, yana tambayarta ko da wane harshe ta rubuta.

"Yaya, wallahi a kwamfutata lafiya lau yake," in ji ta. "Duba ka ga abin da ya koma."

Na karɓi wayar. A shafin farko, inda ya kamata a ga "Ƙasar Hausa", abin da ke wurin shi ne `Qasar Hausa`. Ɗalibai sun koma `xalibai`, ɓangare ya koma `vangare`. Tun daga godiya har zuwa manazarta, babu harafi mai ƙugiya ko guda da ya tsira. Na tambaye ta a ina aka mayar da takardar PDF. Ta ce cajin kwamfutarta ne ya ƙare, ga shi babu wuta, sai ta ɗauki fayil ɗin Word a filashi ta kai wani shagon buga takardu da ke bakin titi, yaron shagon ya juya mata shi cikin minti ɗaya, ta tura daga nan ba tare da ta buɗe ba.

Babu wanda ya taɓa rubutunta, kuma ba ƙwayar cutar kwamfuta ba ce, kamar yadda ta fara zato. Abin da ta buga shi ne ya fito.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Idan ka danna `a` a kan madannai, abin da ake ajiyewa a cikin fayil shi ne lamba 97. Idan ka danna `q`, lamba 113. Siffar da idonka yake gani a allo daga wani wuri daban take zuwa, wato daga abin da masu buga takardu ke kira font. Ka ɗauki font kamar akwatin haruffan dalma na tsofaffin maɗaba'u, akwati mai ƙananan gurabe, kowane gurbi da lambarsa da harafin da ke kwance a ciki. Takardar Word tana cewa ne kawai: a je akwati mai suna kaza, a ɗauko abin da ke gurbi na 113, a ajiye a nan. Shi akwatin yana zaune a cikin kwamfutar, ba a cikin takardar ba. Idan ka kwafi takardar a filashi, umarnin ne ya bi ka, akwatin yana gida.

Ga mai rubutun Turanci wannan ba ya cika zama babbar masifa. Idan babu akwatin da aka ambata, Word zai ɗauko wani a madadinsa ba tare da ya yi maka magana ba, kuma tun da kusan kowane akwati yana da `a` a gurbi na 97, rubutun zai karantu. Iyakacinta layuka su ɗan motsa, shafi goma ya koma sha ɗaya. Mu masu rubutun Hausa lamarinmu daban ne, saboda tarihin yadda haruffanmu suka shiga kwamfuta.

A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ta fara shiga jami'o'i da gidajen jarida na arewa, font ɗin da ke zuwa da ita ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Masu kishin harshe suka nemi mafita. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano yana cikin waɗanda aka fi sani da wannan aiki, kuma font irin su Rabi'at da Abdalla sun yi wa marubuta da ɗalibai hidimar da ba za a manta da ita ba. Dabarar da aka bi a wancan zamani ita ce a nemi guraben da Hausa ba ta amfani da su, a fitar da abin da ke ciki, a zuba haruffanmu. A wani tsarin an karɓi gurbin q da x da v aka ba ƙ da ɗ da ɓ. A wani tsarin kuma alamomin da ke gefen madannai aka ara, shi ya sa za ka ci karo da tsohon rubutu a intanet da ke cewa `}asa` ko `]aya` ko `~angare`. Dabara ce mai kyau a lokacinta, amma tana da sharaɗi guda: duk inda takardar ta je, dole wannan akwatin na musamman ya kasance a wurin. Ƙanwata ta ga ƙ a allonta na tsawon watanni, alhali abin da ke cikin fayil ɗin lamba 113 ce. Kwamfutar shagon ba ta da font ɗin, Word ya ɗauko Times New Roman, ya leƙa gurbi na 113, ya tarar da q, ya ajiye q.

To, ina PDF ya shigo? Kamfanin Adobe ne ya fito da shi a 1993, da nufin takarda ta fito iri ɗaya a kowace na'ura. Mutane da yawa suna ɗaukarsa kamar hoton shafi, kuma wannan zaton shi ke jefa su cikin matsala. PDF ma umarni ne: font kaza, girma kaza, waɗannan lambobi, a wannan wuri na shafi. Bambancinsa shi ne yana da damar ɗaukar guzuri. Manhajar da ke yin PDF tana iya kwafo zanen haruffan daga font ta cusa su a cikin fayil ɗin kansa, ta yadda duk wanda ya buɗe, ko a waya ko a firintar maɗaba'a, ba sai an nemi komai a na'urarsa ba. Wannan cusawar ita ce maganin. Yawanci ma ba dukan akwatin ake ɗauka ba, haruffan da aka yi amfani da su kaɗai ake tsinta, don haka nauyin da suke ƙara wa fayil bai taka kara ya karya ba.

Amma a lura da kyau, ba a cusa abin da babu shi. PDF ɗin da aka yi a shago ya riga ya lalace tun daga haihuwa, domin a lokacin da ake yin sa Word ya riga ya musanya font. Ko da an cusa font a cikinsa, na musayar aka cusa, an kuma daskarar da q a kowane shafi. Irin wannan fayil ba ya gyaruwa, sai dai a sake wani. Haka abin yake ga wanda ya juya takarda a wayarsa, ko ya ɗora ta a shafukan intanet masu juya fayil kyauta. Waɗannan wuraren ba su san font ɗinka na Hausa ba.

Da aka kawo wuta wajen ƙarfe goma, muka kunna kwamfutarta. Kafin mu yi komai na buɗe PDF ɗin shagon a Adobe Acrobat Reader, na danna `Ctrl+D`, na shiga shafin `Fonts`. Wannan shafi shi ne madubin kowane PDF, yana jera duk font ɗin da ke ciki. Sunan font ɗinta na Hausa bai fito ba ko kaɗan, sai `TimesNewRomanPSMT`. Gani ya kori ji. Da yaron shagon ya san hanya, shi ma zai iya gano haka tun a Word, ta `File`, `Options`, `Advanced`, sannan maɓallin `Font Substitution`, wanda ke nuna font ɗin da ya ɓace da wanda aka sa a madadinsa.

Sai muka buɗe takardar a kwamfutarta, inda font ɗin yake. Muka shiga `File`, `Save As`, muka zaɓi PDF, amma ba mu yi gaggawar danna `Save` ba. A ƙasa akwai zaɓi biyu, `Standard` da `Minimum size`, muka bar shi a na farko. Sannan muka danna `Options`, muka sa alama a akwatin `PDF/A compliant`. A tsofaffin Word an rubuta shi `ISO 19005-1 compliant (PDF/A)`. Shi PDF/A wani nau'i ne da aka tsara a 2005 domin takardun da ake so su daɗe a ma'adana, kuma ɗaya daga cikin ƙa'idojinsa ita ce dole a cusa kowane font da aka yi amfani da shi, babu togiya. Wannan alama guda tana da amfani domin idan ba a sa ta ba, Word yakan tsallake wasu sanannun font kamar Arial da Times New Roman, bisa zaton kowa yana da su. Wayoyin Android kuwa ba sa zuwa da su.

Da fayil ɗin ya fito muka sake danna `Ctrl+D`. Wannan karon sunan font ɗinta ya bayyana, kuma a gabansa an rubuta `(Embedded Subset)`, ma'ana an cusa haruffan da aka yi amfani da su. Duk font ɗin da ka ga sunansa tsirara, babu wannan kalma a gabansa, ba a cusa shi ba, kuma a ƙarƙashinsa za ka ga `Actual Font` yana gaya maka wanda ake nuna maka a madadi. A nan ne tarkon da ya fi kama mutane yake. Idan ka buɗe PDF a kwamfutar da ka yi shi, zai iya fitowa tsaf ko da ba a cusa komai ba, domin manhajar karatun tana ɗauko font ɗin daga kwamfutarka. Ka tura da kwanciyar hankali, can a hannun wani ya dagule. Shi ya sa na tura sabon fayil ɗin zuwa wayata, wadda ba ta taɓa ganin wannan font ba. Ƙasar Hausa ta dawo da ƙugiyarta, ɗalibai ma haka. Ƙanwata ta ajiye numfashi ta ce, "Alhamdu lillahi."

Mun yi sa'a font ɗinta ya yarda a cusa shi. Ba kowane ne ke yarda ba. Wanda ya ƙera font yana iya sa masa takunkumi, kuma Word yana mutunta wannan. Mai son dubawa ya shiga `C:\Windows\Fonts`, ya danna font ɗin da maɓallin dama, ya buɗe `Properties`, sannan `Details`, ya nemi layin `Font embeddability`. Idan an rubuta `Installable` ko `Editable`, babu damuwa. Idan `Restricted` ne, an hana. A irin wannan hali akwai wani akwati a cikin `Options` ɗin nan mai suna `Bitmap text when fonts may not be embedded`. Idan da alama a kansa, Word zai mayar da wannan rubutu hoto. Zai karantu a ko'ina, amma idan ka ƙara girman shafi za ka ga gefen haruffa ya yi dishi-dishi, kuma a maɗaba'a ba zai fito da kaifi ba. Ni a ganina wanda ya tarar da font mai takunkumi ya canza font kawai, ya huta.

Yanayin lalacewar kansa yana gaya maka inda ciwon yake. Idan ka ga haruffa na gaske amma ba a muhallinsu ba, kamar q a wurin ƙ, tsohon font ne ya ɓace. Idan ƙananan akwatuna ka gani babu komai a cikinsu, lambar daidai take, amma font ɗin da aka ɗauko ba shi da komai a wannan gurbi. Mafi ban tsoro shi ne shafi ya cika da alamomi marasa kan gado daga sama har ƙasa. Wannan yakan faru ne saboda wani lokaci PDF ba lambar harafi ta gama-gari yake ajiyewa ba, lambar jerin zane ta cikin wannan font ɗin kaɗai yake ajiyewa: zane na 36, zane na 68. Idan font ɗin bai biyo fayil ba, ko wata manhajar rage nauyi ko haɗa fayiloli ta lalata shi a hanya, sai a je wani akwati a ɗauko zane na 36, wanda wani abu ne daban.

Akwai kuma lalacewar da ba ta da hayaniya, ita ce ta fi ba ni tsoro. Font mai suna Symbol yana ajiye harafin μ a gurbin m. Ma'aikacin lafiya ko ɗalibin kimiyya da ya buga μg ta wannan hanya, idan font ɗin ya ɓace, abin da zai fito shi ne mg. Maikirogiram ya koma miligiram, wato ninki dubu, kuma babu abin da zai ja hankalin mai karatu cewa an samu kuskure. Alamar maki ta font ɗin Wingdings ma takan koma ü a takardun cike-gurbi. Dabara ɗaya ce da ta tsofaffin font ɗinmu, kuma rauninsu ɗaya.

Mutane sukan rikita wannan cusawa da wata da ke cikin Word, a `File`, `Options`, `Save`, inda aka rubuta `Embed fonts in the file`. Wannan ta takardar Word ce, ba ta PDF ba. Tana da amfani ga wanda dole ya kai fayil ɗin Word wata kwamfutar. Da ƙanwata ta sa wannan alama kafin ta fita, da font ɗin ya bi ta shago. Sai dai tana ƙara wa fayil nauyi, kuma ba kowace manhaja ce ke kula da ita ba, musamman na waya.

Kafin ta tashi na ce ta zauna, da sauran magana. A cikin sabon PDF ɗin, wanda ya fito kyakkyawa, na danna `Ctrl+F` na nemi kalmar "ƙasa". Manhajar ta ce babu. Na nemi `qasa`, sai ga su birjik. Na kwafi layi ɗaya na manna a wani wuri, ya fito da x da v. Cusa font ya gyara abin da ido ke gani, amma lambobin da ke ƙarƙashi suna nan yadda suke. Idan aka ɗora wannan kundi a ma'adanar jami'a ta intanet, ɗalibin da zai nemi "waƙa" ko "ɗabi'a" nan da shekara goma ba zai same shi ba. Makahon da manhaja ke karanta wa rubutu zai ji shirme. Abin yana damuna idan na tuna yawan kundaye da littattafai da jaridun Hausa da aka buga ta wannan hanya, ilimi mai yawa da yake a ajiye amma mai nema ba ya isa gare shi.

Alhali haruffanmu sun daɗe da samun gurabensu na kansu a Yunikod, tsarin da ya ba kowane harafi na duniya lamba tasa shi kaɗai. A cikinsa ƙ ita ce `0199`, Ƙ `0198`, ɗ `0257`, Ɗ `018A`, ɓ `0253`, Ɓ `0181`. Harafin ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa shi ma yana nan a `01B4`. A Word, idan ka buga lambar ka danna `Alt+X`, harafin zai fito. Ƙaramin gargaɗi: idan harafin da ya gabata yana tsakanin a da f ne, kamar a kalmar "baƙi", Word zai haɗa shi da lambar ya ruɗe, don haka ka sa `U+` a gaba, wato `U+0199`. Mai rubutu kullum kuwa gara ya ƙara madannan Hausa a saitin harshe na Windows. Times New Roman da Arial na Windows na yanzu suna da waɗannan haruffa. Akwai kuma font na kyauta da lasisinsu ya halatta cusawa, kamar Charis SIL da Andika na ƙungiyar SIL, da dangin Noto na Google. Masu rubutun ajami ma SIL ta yi musu Alkalami, wanda aka zana bisa salon rubutun Kano.

Washegari muka yi wa kundin juyi, bayan mun ajiye kwafin asali a gefe. Da `Ctrl+H` muka musanya q da ƙ, Q da Ƙ, haka har shida, da alama a kan `Match case` don kada manya da ƙanana su cakuɗe. A nan ma akwai rami. Kundin yana da sunayen littattafan Turanci a manazarta, kuma wanda ya danna `Replace All` ido rufe zai wayi gari da `Uniɓersity` da `Oɗford`, abin da na sha gani a kundayen da aka riga aka ɗaure. Mun kauce wa wannan ta hanyar danna `Format`, sannan `Font`, muka ce a nemi harafin a cikin tsohon font ɗin kaɗai, tun da ta buga Turancin da wani font daban. Wanda takardarsa ke da `}` da `]` ya tabbatar babu alama a kan `Use wildcards`, domin waɗannan alamomi suna da wata ma'ana ta daban a wurin. Daga nan muka mayar da rubutun Hausar zuwa Charis SIL, muka bi shafukan ɗaya bayan ɗaya saboda layuka sun motsa, muka sake yin PDF/A. Aikin bai kai awa biyu ba. Da muka nemi "ƙasa" a sabon fayil ɗin, ta fito.

Kira na ga malamai masu duba kundaye da masu shagunan buga takardu shi ne su daina ba ɗalibai tsohon font a filashi don sabon aiki, su nuna musu haruffan Yunikod. Kai kuma mai karatu, duk takardar da za ka tura, ko ta neman aiki ce ko katin ɗaurin aure, yi PDF ɗin a kwamfutar da ka buga ta, danna `Ctrl+D` ka ga `Embedded` a gaban kowane suna, sannan ka buɗe ta a wayar wani kafin ta bar hannunka.